Yadda ake tsara girki a jerin hotuna: shafin kayan haɗi ɗaya, sannan mataki-mataki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shafin girke-girke a Instagram, kuma ina so in riƙa sa girki a jerin hotunan nan da ake ja da yatsa, kayan haɗi da ma'auninsu a shafi ɗaya, sannan kowane mataki da shafinsa. Na gwada da masa, amma mutane sai tambayata suke yi abin da na riga na rubuta, wasu kuma suka ce tasu ba ta tashi ba. Yaya ake tsara shi ya yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Abin da ya fi yawan jawo irin wannan shi ne mai tsarawa tana kallon jerin nan a matsayin abu ɗaya da za a karanta daga farko zuwa ƙarshe a zama guda, alhali ba haka ake amfani da shi ba. Mai girki tana buɗe shi a wurare biyu daban. Shafin kayan haɗi a kasuwa take buɗe shi, ko a gaban sito tana duba abin da ya rage mata. Shafukan matakai kuwa a gaban murhu take buɗe su, hannu da ƙullu, waya a jingine da robar sukari, tana leƙawa tana komawa kan aiki. Wadda ke cikin wannan hali ba za ta ja baya shafi shida don ta tuno cokali nawa na yis aka ce ba. Ko dai ta kintata, ko ta rubuto miki tambaya. Don haka duk tsarin ya ginu ne a kan abu ɗaya: kowane shafi ya iya tsayawa da ƙafarsa, ko da shi kaɗai ya faɗo hannun mutum.

Tunda masa kika gwada, mu tsaya a kanta. Ta dace da misali sosai, domin tana da jiƙo, tana da jiran tashi, tana da kayan da ake raba su gida biyu, kuma waɗannan su ne wuraren da jerin hotuna ya fi ɓacewa.

Shafi na farko ba sai na daɗe a kansa ba. Hoton masar da aka gama, sunanta da manyan haruffa, sai bayanai biyu ƙanana: yawan abin da za a samu, da tsawon lokaci. Lokacin nan shi ne mutane da yawa ke mantawa. Idan ba ki rubuta "a jiƙa shinkafa tun dare" a shafin farko ba, wata za ta buɗe da ƙarfe bakwai na safe da niyyar karin kumallo, sai a shafi na uku ta gano tana buƙatar awa shida kafin ma ta fara. Irinta ce za ta rage jiƙon zuwa awa ɗaya, niƙa ya fito da tsaki-tsaki, sannan ta ce girkin bai yi ba. Ki rubuta a fili: jiƙo awa 6 zuwa 8, tashi awa 1 zuwa 2, suya kimanin minti 40, a samu masa wajen 30 gwargwadon girman ramin tanda.

Shafi na biyu, na kayan haɗi, shi ne ya fi cancantar ki zauna a kansa. Ga yadda zan rubuta shi:

Masa: kayan haɗi (kofi = mil 250)
Shinkafar tuwo ɗanya, kofi 3, ta jiƙawa
Shinkafar tuwo ɗanya, rabin kofi, ta dafawa
Ruwan niƙa, kofi ɗaya da rabi zuwa 2
Yis na gari, cokalin shayi 2
Sukari, babban cokali 3 (1 kafin tashi, 2 bayan tashi)
Gishiri, rabin cokalin shayi
Bakin hoda, cokalin shayi 1
Albasa matsakaiciya 1, yankakkiya ƙanana
Man gyaɗa, kimanin rabin kofi, na suya
Kayan aiki: tanda, ludayi, roba mai murfi

Ki lura sunan girkin yana saman shafin duk da cewa shafin farko ya riga ya faɗa. Dalili biyu ne. Na farko, wannan shi ne shafin da ake yi wa sikirinshot a tura wa ƙanwa ko ƙawa a WhatsApp, kuma da zarar ya bar jerin ya zama maraya: jerin kaya ba suna, ba wanda ya san na mene ne. Na biyu, shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya ga jerin hotuna bai ja ba, sau da yawa manhajar kan sake nuna masa, amma ta fara daga hoto na biyu. Ke nan ga mutane da yawa shafin kayan haɗinki shi ne farkon abin da za su tsaya a kansa. Ki sa sunan, ki sa ɗan ƙaramin hoton masar a kusurwa, ki sa sunan shafinki a ƙasa.

Sai ma'auni, wanda a nan ne rabin masar da ba ta tashi ba take mutuwa. Kalmar kofi a gidajenmu ba ta da girma ɗaya. Akwai kofin shan shayi, akwai kofin silba na randa, akwai kofin awo na masu kek. Idan kika ce kofi 3 da yis cokali 2, wadda kofinta ya ninka naki ta zuba shinkafa ninki biyu a kan yis ɗin da bai ƙaru ba, kuma ƙullunta zai yi ta zama shiru. Layi ɗaya a sama, "kofi = mil 250", ya kashe wannan rigimar. Idan mabiyanki sun fi sabawa da gwangwanin madara, ki yi amfani da shi, ba laifi, amma ki faɗi wanne, domin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa bai kai kofin awo ba, kusan kashi biyu cikin uku ne nasa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne gauraya su a shafi ɗaya, shinkafa da gwangwani, ruwa da kofi. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa har ƙarshe. Mudu da tiya ki bar su sai girkin biki, domin mudun wata kasuwa ba na wata ba ne. Awon kuɗi kuwa, irin "albasa ta ɗari biyu", kada ya shiga ko kaɗan. Jerin zai daɗe ana buɗe shi bayan farashin ya canza, kuma mai karatu a Maraɗi ko Kumasi ba da naira take cefane ba.

Haka ma cokali. Cokalin shayi mil 5 ne, babban cokali mil 15, wato ninki uku. Kada ki taɓa rubuta "cokali" kawai. Bakin hoda babban cokali ɗaya a maimakon cokalin shayi ɗaya zai bar ɗaci a baki, kuma mai girkin ba za ta san daga ina ya fito ba.

Kalmar "ɗanya" da na maimaita sau biyu ma da gangan ne. Rabin kofin shinkafa ɗanya idan ta dahu takan kai wajen kofi ɗaya da rabi. Idan kika rubuta "shinkafa rabin kofi, dafaffiya", wata za ta auna kafin dafuwa, wata bayan dafuwa, kuma tsakaninsu akwai bambancin ninki uku a cikin abin da ke ba masa taushi. Duk kayan da girmansa ke canzawa da jiƙo, dafuwa ko yanka, ki faɗi halin da ake auna shi. Sannan ki rubuta "rabin kofi" da haruffa maimakon ƙaramar alamar rabi, wadda a fuskar waya mai tsaga ko a hoton da WhatsApp ya matse ba a bambanta ta da kwata.

Na jera kayan ne bisa yadda za a ɗauko su, ba bisa girma ko tsada ba. Wannan yana taimaka wa mai girki ta ga hanyar tun kafin ta shiga matakai. Ruwa ma na sa shi a jerin, duk da cewa ba saye ake yi ba. Masu rubuta girki sun saba barin ruwa a waje, alhali a masa shi ne ke yanke hukunci tsakanin ƙullu mai kyau da wanda ya tsinke. Kayan aiki ma haka. Wadda ba ta da tanda gara ta sani a shafi na biyu.

Yanzu matakai. "Mataki ɗaya a shafi ɗaya" ba yana nufin kowane motsin hannu da shafinsa ba. Idan kika yi haka za ki sami shafin "a wanke shinkafa", shafin "a zuba ruwa", shafin "a rufe", mai karatu ta gaji da ja kafin a je niƙa. Instagram na karɓar har 20 a jeri ɗaya tun 2024, da can 10 ne, amma samun wuri ba dalili ba ne na cika shi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne wannan: mataki ɗaya shi ne duk abin da mai girki za ta yi daga ajiye waya zuwa sake ɗaukarta. Wanke shinkafa, zuba ruwa, rufewa da barinta ta kwana duk shafi ɗaya ne, domin ba inda za ta tsaya ta sake dubawa. Amma zuba ƙullu a tanda da juya masa shafi biyu ne, ko da yake minti biyu ne tsakaninsu, domin a tsakanin akwai hukuncin da za ta yanke da idonta.

Da wannan ma'aunin masa takan fito a shafi 11: na farko da na kayan haɗi, sai jiƙo, dafa rabin kofin nan a bar shi ya huce, niƙa, zuba yis, duba tashi, haɗin ƙarshe, zubawa a tanda, juyawa, sai shafin gyaran matsaloli.

Kowane shafin mataki yana ɗauke da abu uku: abin da za a yi, da nawa za a yi shi, da alamar da za ta nuna an gama. Na tsakiyan nan shi ne amsar ƙorafinki na farko. Ki maimaita ma'aunin a cikin matakin, ko da yana shafi na biyu. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "A zuba yis da sukari a juya, a rufe ya tashi." Na biyu: "A zuba yis cokalin shayi 2 da sukari babban cokali 1 kawai. A juya sosai, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi awa 1 zuwa 2." Na farkon ya fi gajarta, ya fi kyau a ido, amma mai bin sa za ta juye sukarin duka uku a nan, sannan ta iso haɗin ƙarshe a ce mata ta zuba sukari ta rasa wanne. Duk kayan da aka raba gida biyu, a faɗi rabon a shafin kayan haɗi, a sake faɗa a matakin farko da kalmar "kawai", a matakin baya kuma a ce "sauran babban cokali 2".

Alamar gamawa ta fi lokaci muhimmanci, musamman a girkin da ke da tashi. Ƙullun da ya tashi cikin awa ɗaya a zafin watan Afrilu a Kano zai iya cin awa uku da sanyin hunturu, ko a Jos. Idan lokaci kaɗai kika bayar, wadda ke cikin sanyi za ta buɗe bayan awa biyu ta soya ƙullun da bai shirya ba, masar ta fito da nauyi, ta ce ba ta tashi ba. Shi ya sa na ware wa duba tashi shafinsa na kansa, duk da cewa ba wani aiki a cikinsa. Hoton ya nuna robar daga sama a kusa: ƙullun ya kumbura ya kusa ninkawa, samansa cike da ƙananan kumfa, idan aka sa ludayi sai ya sassauta ya faɗa. Rubutun ya ce: "Idan naki bai yi haka ba, kada ki soya. Ki mayar da murfi ki ƙara minti 30 a wuri mai ɗumi." Wata dabara mai sauƙi: kafin ki rufe robar, ki manna ɗan tef a gefenta daidai inda ƙullun ya tsaya, ki ɗauki hoto, bayan ya tashi ki sake ɗauka daga wuri ɗaya. Tazarar da ke tsakanin tef da saman ƙullu ta fi kowane bayani.

Shafin niƙa ma yana son kulawa, domin hanyoyi biyu ne. Mai bilenda a gida ita ke riƙe da ruwan: ta tsane shinkafar, ta haɗa da dafaffiyar da ta huce, ta fara da kofi ɗaya da rabi, ta ƙara kaɗan-kaɗan. Mai kaiwa inji kuwa ba ita ke zuba ruwan ba, mai injin ne, kuma sau da yawa yakan ƙara na ɗauraye injin a kai. Layi ɗaya ya isa: "Idan inji za ki kai, ki ce a rage ruwa, a tara na ɗauraya daban." Hoton wannan shafin kada ya zama na bilenda a tsaye. Ya zama na ludayi a ɗage, ƙullu na sauka daga shi a jere, ba ya yankewa gutsi-gutsi, ba ya kuma zuba kamar ruwa. Kaurin ƙullu abu ne da baki ba ya iya faɗarsa daidai, don haka idan akwai wuri ɗaya da ya cancanci ɗan bidiyo na daƙiƙa biyar a cikin jerin, nan ne, tunda Instagram na barin a gauraya hoto da bidiyo.

Gargaɗi kuma a sa shi kafin aikin, ba bayansa ba. "A bar dafaffiyar shinkafa ta huce" dole ya zo a shafin dafa ta, domin zafi mai yawa yana kashe yis. Idan kika ajiye shi sai shafin ƙarshe, mai girki za ta karanta shi ne bayan ta riga ta yi ɓarnar.

A shafukan suya, ki ba wuta suna. "Matsakaiciyar wuta" da mai kusan cokalin shayi ɗaya a kowane rami, a bar man ya yi zafi, a zuba ƙullu kada ya cika ramin har baki domin zai kumbura. Shafin juyawa ya nuna masa a daidai lokacin da ta isa juyi: gefenta ya kama ya fara yin ja, samanta ya yi ƙananan ramuka, tsakiyar kaɗai ce da sauran danshi. Wannan hoton yana da wahalar ɗauka domin ba ya jira, shi ya sa mutane ke sa hoton masar da aka riga aka juya, mai kyan launi. Amma wancan ba ya koyar da komai. Ki sa wani ya riƙe miki waya, ko ki ɗauki bidiyo ki ciro hoton daga ciki.

Shafin ƙarshe ni na fi so ya zama na gyara. Masar da ta yi ja a waje cikinta ɗanye, wuta ta yi yawa. Wadda ta sha mai ta yi lakwas, ƙullu ya yi ruwa ko man bai yi zafi ba. Wadda ke mannewa, tanda sabuwa ce ko ba ta ɗau zafi ba. Ƙullun da ya yi tsami, ya wuce lokacin tashi, kuma ɗan ruwan kanwa yana rage shi. Ƙullun da ko motsi bai yi ba, yis ya mutu, kuma gwajinsa shi ne a sa kaɗan a ruwan ɗumi da sukari, idan bai yi kumfa cikin minti 10 ba a canza shi. Tambayoyin da ake aiko miki yanzu su ne za su gaya miki abin da ya kamata ya shiga wannan shafin.

Game da zanen kansa, abubuwa kaɗan ne amma ba a wasa da su. Ki buɗe aikin a Canva ko makamancinsa a kan girman 1080 x 1350, kuma duk shafukan su zama girma ɗaya, domin Instagram kan yanke sauran su bi tsarin na farko. Ki bar fili wajen fiksel 90 a kowane gefe ba rubutu, tunda kusurwar sama ta dama a nan lambar shafi ke fitowa, kuma a fuskar shafinki ana ɗan datse gefunan hoton farko. Faɗin waya kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wannan zanen, saboda haka rubutun da ya yi miki girma a kwamfuta zai ƙanƙance sosai. Kada rubutun matakai ya gaza fiksel 40 zuwa 45. Idan jerin kayan haɗi ya ƙi shiga shafi ɗaya a wannan girman, kamar masa tare da miyar taushe, kada ki matse haruffan. Ki raba miyar ta zama jerinta daban. Rubutu ya zauna a kan fili mai launi ɗaya, ba a kan hoton abinci ba, kuma lambar mataki ta zauna a wuri ɗaya a kowane shafi, tare da sunan girkin ƙarami a gefenta.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Yawancin haruffan ado ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Za ki rubuta "ƙullu" ki ga harafin farko ya fito da wani salo daban, ko ya koma akwati. Kafin ki zaɓi nau'in haruffa, ki rubuta "ƙullu, ɗanya, ɓawo" da ƙanana da manya ki duba. Noto Sans da Andika duk suna ɗauke da su. Sannan ki kwafe girkin gaba ɗaya a rubutun da ke ƙasan hoto, wanda ke ɗaukar haruffa 2,200, saboda mai ƙarancin data da hotunan ba su buɗe mata ba, da mai son kwafa ta ajiye.

Kafin ki wallafa, ki tura hotunan zuwa wayarki, ki miƙa wa wadda ba ta saba yin masa ba, ki zauna a gefe ba tare da kin ce uffan ba, ta yi girkin daga jiƙo har suya. Ki riƙe takarda. Duk inda ta ja baya don duba wani shafi, ma'auni ne ya ɓace a matakin da take kai. Duk inda ta ɗago ta kalle ki, alamar gamawa ce ba ki rubuta ba, ko hoton bai nuna ta ba. Duk inda ta kusanto da wayar ga idonta, rubutu ya yi ƙanƙanta. Ki gyara waɗannan wuraren, ki sake auna kayan da kofi da cokalin da kika ambata a shafi na biyu don ki tabbatar lambobin da ke matakai sun yi daidai da na jerin, sannan ki ɗora.